Ɗalibin Bakin Iyaka da Shafin LinkedIn: Neman Gurbin SIWES daga Bagudo



Sharhinmu na yau na ɗaliban ƙasar Bagudo ne, tun daga cikin gari har Ka'oje, Zagga, Illo, Lolo da Tsamiya, waɗanda ke karatu a jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko kwalejin Waziri Umaru, ko Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma lokacin fita koyon aiki ya gabato musu. Shi ne shirin da ake kira SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta kafa a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin a ba shi takardar kammalawa. A yawancin kwasa-kwasan jami'a wata shida ake yi, a kwalejin fasaha kuwa wata huɗu bayan shekarar farko ta difloma. Makaranta za ta ba ka takarda mai hatimi da littafin rubuta aikin kullum. Neman wurin da zai karɓe ka kuwa, galibi kai ne da ƙafarka.

To a nan ne ake ce wa ɗalibi ya buɗe LinkedIn. Manhaja ce ta ma'aikata da masu neman aiki, an buɗe ta a 2003, kamfanin Microsoft ya saye ta a 2016, kuma duk wanda ya kai shekara 16 zai iya yin rajista kyauta. Amma kada a yaudare ka. A jihar Kebbi har yau takardar hannu ce ke samo gurbi. Za ka buga ta, ka sa a ambulan, ka hau mota ka kai. Babu manajan da ke zaune a Argungu yana bin shafuka da dare yana neman ɗan Lolo. Wanda ya buɗe shafi ya naɗe hannu yana jiran kira, sai dai ya ga 'yan ajinsu sun ci wata guda a wurin aiki shi yana gida.

Amfanin shafin biyu ne, kuma dukansu na gaske ne. Takardar da aka ajiye wa maigadi a bakin get tana iya kwana a cikin tarin takardu har lokaci ya wuce, amma wadda aka rubuta wa sunan mutum, aka kuma sanar da shi tana tafe, tana da wanda zai tambayi inda ta shiga. Shafin yana nemo maka wannan sunan. Sannan idan mutumin ya ga saƙonka, abu na farko da zai yi shi ne ya taɓa hotonka ya ga waye kai. Abin da ya gani cikin rabin minti shi ne shaidarka. Ɗan babban gida yana da kawu da zai ɗaga waya ya ce yaron nawa ne. Kai da ba ka da wannan kawun, shafin ne zai tsaya maka.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ga ɗalibi daga Lolo, yana karatun aikin gona a Aliero, saura wata uku a sallame su, kuma burinsa ya samu gurbi a harkar shinkafa. Wuraren da zai nufa sanannu ne: kamfanin WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, kamfanin Labana a Birnin Kebbi, hukumar KARDA ta raya aikin gona ta jiha, ko hukumar kogunan Sakkwato da Rima. Ya kama waya zai yi rajista.

Matsalarsa ta farko ba ta cikin kowane darasi da ake koyarwa a intanet, domin masu koyarwar ba a bakin iyaka suke ba. A garuruwan da suka jingina da Jamhuriyar Benin, waya takan bar layin Najeriya ta kama na tsallake, wani lokaci kuma babu sabis sam. Manhajar za ta aiko da lambar tantancewa, ita kuwa ba za ta iso ba sai ta lalace. Don haka ya yi rajistar a makaranta, inda sabis ke tsaye, da imel ɗin da shi kansa ya san mabuɗinsa, ba wanda mai shagon kwamfuta ya buɗe masa lokacin JAMB ya manta da shi ba. Lambar waya ya sa ta Najeriya mai farawa da +234, ko da yana da layin Benin mai +229 da yake kiran dangi da shi, domin ma'aikacin da ya ga baƙuwar lamba ba zai kira ba. Ya kuma guji yawan shiga yau da layin wannan ƙasa gobe da na waccan, saboda shiga daga wurare mabambanta na iya sa manhajar ta tsare shi ta nemi ya tabbatar shi ne.

Wannan ya kawo mu ga suna. Ya rubuta shi daidai da yadda yake a katin ɗan ƙasa da katin makaranta. Ba laƙabi, ba sarautar dandali, ba kuma Injiniya ko Dakta tun ba a ba shi ba. Ran da aka rufe masa shafi, katin shaida za a nema, kuma in sunan bai dace ba magana ta yi tsawo. Takardar da ya kai kamfani ma da wannan sunan take, da shi za a neme shi. Lokacin rajista za a tambaye shi aikin da yake yi. Akwai zaɓin I'm a student, shi zai taɓa. Wurin makaranta kuma kada ya rubuta sunan da hannu ya wuce. Ya jira sunan ya fito da tambarinsa ya zaɓa, domin wannan zaɓin ne ke haɗa shi da tsofaffin ɗaliban makarantar, kuma za mu ga yadda za su yi masa rana.

Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Fuska a fili, hasken safe, bango fari, kaftani da hula ko hijabi mai tsabta. Ba hoton biki da aka yanke kafaɗar aboki ba.

Wurin zama kuwa yana da ɗan dabara. Masu neman ma'aikata da sunan gari suke tace mutane, kuma da wuya wani ya rubuta Bagudo. Ɗalibinmu ya sa Birnin Kebbi idan a can zai iya zama wata shidan, sai ya ambaci Lolo a cikin bayaninsa. Ba ƙarya ya yi ba, wurin da zai iya zuwa aiki kullum ya faɗa. Sai dai ya tabbata yana da masauki a can, domin yawancin wuraren nan ba sa ba ɗalibi ɗaki.

Yanzu mun zo inda yaranmu suka fi yin asara. A ƙarƙashin suna akwai layi guda da ake kira Headline, yana ɗaukar harafi 220, kuma shi ne ke bin sunanka duk inda ya bayyana. Ka duba shafukan ɗalibanmu goma, za ka tarar yawancinsu abu ɗaya suka kwafo daga wani ɗan Legas: mai himma, mai hangen nesa, jagoran gobe. Manajan injin casar shinkafa ba jagoran gobe yake nema ba. Yana son ya san me kake karanta, me kake nema, na wane tsawon lokaci. Ɗalibinmu zai rubuta da Turanci, domin da shi ake bincike, kamar haka:

```
Agriculture student, Aliero | Seeking 6-month SIWES in rice production or milling | Hausa, Dendi, French
```

Ma'ana ɗalibin aikin gona ne a Aliero, yana neman gurbin wata shida a noman shinkafa ko sarrafa ta, kuma yana jin Hausa da Dandanci da Faransanci. Duk wanda ya karanta ya gama sanin abin da ake roƙonsa.

Sai gurbin Experience, wato ayyukan da mutum ya taɓa yi. Ɗalibinmu zai ce ai bai taɓa aiki ba, ya bar wurin fayau. Wannan yaron kuwa tun yana firamare yake cikin fadama. Ya san rainon iri da dashe. Ya san FARO 44 da ganin zangarniya. Ya tayar da injin ban ruwa da asuba, ya san litar fetur nawa yake sha a yini, ya san ƙarar da yake yi idan ya ja iska. Ya tsaya a kan masu yanka da masu bugu, ya shanya shanshera, ya ƙirga buhuna, ya ga yadda dillali ke rage kuɗi idan ya danƙi shinkafa ya ji da sauran danshi. Ɗan ajinsu da ya tashi a cikin birni ya fi shi Turanci, amma a littafi ya ga duk wannan. Abin takaici shi ne yaron namu kunyar abin yake ji, yana ganin aikin ƙauye ne, bai isa a sa shi kusa da sunan jami'a ba. Kamar mai zuma ne ya je kasuwa ya ɓoye tulun, ya baza tallan ruwan leda don ya ga shi kowa ke sayarwa.

Ka tuna a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, kuma da shinkafa aka fara. Manyan injinan da ke jihar nan ba su da wata rayuwa sai da shansherar ƙananan manoma. Kullum suna bukatar wanda zai shiga ƙauye ya yi magana da manomi da harshensa, ya rubuta sunansa da girman gonarsa, ya duba amfanin kafin a saya. Ɗan Lolo ya riga ya iya rabin wannan aikin.

Yaya zai rubuta shi? Ya sa kansa a matsayin mai taimako a gonar gida, da shekarun da ya yi, sannan jimla uku ko huɗu masu adadi. Misali, ya kula da ban ruwan kadada ɗaya na shinkafar rani har kaka uku, ya riƙe lissafin fetur da taki da kuɗin 'yan ƙwadago a littafi, ya sa ido a kan shanya da awo. Adadin ya zama na gaskiya, wanda zai iya karewa. Idan ya rubuta kadada goma alhali ɗaya ce, tambaya guda za ta tona shi: buhu nawa na taki kuka zuba? Idan kuma ya rubuta ya san awon danshi, to ya san cewa masu injin suna son shanshera ta bushe zuwa wajen kashi 14 cikin ɗari, cewa mai danshi tana ruɓewa a sito, wadda ta bushe fiye da kima kuma tana karyewa a casa. Wanda ya amsa wannan a gaban mai kula da inganci ya wuce wanda ya jero kwas goma na intanet. In yana da hoton gonar ko na shafin littafin lissafin, manhajar tana ba da damar liƙa shi a ƙarƙashin aikin.

Wata 'yar shawara a gefe, mu da muka san bakin iyaka. Ba kowace ƙwarewa ake bajewa ba. Idan hutun da ya wuce a kan babur ka yi shi kana ratsa daji da buhunan 'yar waje, wannan ba shi da gurbi a shafin da za ka nuna wa kamfanin shinkafar gida, balle hukumar kwastam.

Harsuna kuwa a baje su. Ƙasar Bagudo mahaɗa ce: Hausa, Fulatanci, Dandanci, Zabarmanci, Kyanganci, Busanci, ga Faransancin da yaro ya tsinta a hanyar Segbana ko kasuwar Malanville. Akwai gurbin Languages, kuma yana tambayar matakin iyawa. A nan ma gaskiya ce jari. Faransancin ciniki da lissafin sefa daban, na rubuta wasiƙar ofis daban. Ya zaɓi matakin da ya dace da shi, domin ranar da aka miƙo masa takardar kaya daga Kwatano aka ce fassara, babu wurin ɓuya. Wanda Faransancinsa ya nuna sosai yana iya ƙara kwafin shafinsa da harshen, manhajar ta yarda da haka, amma wannan ribar gaba ce. Gurbin SIWES dai a nemi na cikin Najeriya, inda malamin makaranta da jami'in ITF za su iya zuwa su duba ɗalibi.

Gurbin About yana ɗaukar harafi 2,600, amma layukan farko kaɗai ke fitowa kafin a taɓa don ganin saura. Jimla biyar sun isa: waye shi, daga ina, me ya iya da hannunsa, wane wata zai fara kuma wane wata zai gama, sai imel. Daga nan ya kunna Open to work, ya zaɓi Internship a nau'in aiki. Za a tambaye shi ko masu ɗaukar ma'aikata kaɗai za su gani ko kowa. Mai aiki da ke tsoron maigidansa shi ke ɓoyewa. Ɗalibi ba shi da abin ɓoyo, ya bar kowa ya gani.

Shafi ya tsaya, saura nemo mutum. Ya buɗe shafin makarantarsu, ya shiga Alumni, ya rubuta rice ko sunan kamfanin da yake so. Waɗanda suka gama makarantar kuma suke wannan harka za su fito. Haka kuma a shafin kamfani akwai People, inda ake ganin ma'aikatan da suka yi rajista. Kada ya tafi kai tsaye wurin shugaban kamfani. Ya nemi wanda ya gama shekara uku ko biyar da suka wuce, mai aikin fili ko ɗakin gwaji, wanda bai manta wahalar neman gurbi ba, sai kuma jami'in kula da ma'aikata. Wani lokaci binciken zai dawo da mutum biyu kacal, domin ma'aikatan hukumomin gwamnati a jiharmu ba su cika buɗe shafi ba. Biyun ma riba ce. Hukuma irin KARDA kuwa ƙafa za ta kai shi.

Wurin aika gayyata, asusun kyauta yana ba da gajeren saƙo na harafi 200, kuma saƙonnin 'yan kaɗan ne a wata, don haka kada ya ɓarnatar da su. A waya ma sai ya kula, taɓa Connect kai tsaye yakan tura gayyatar ba tare da saƙo ba, sai ya shiga shafin mutumin ya nemi Personalize invite. Me zai ce? Sallama, sunan makaranta da sashe, sai tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa: wa ake rubuta wa takardar SIWES a wurinku, kuma yaushe ake karɓa? Bai ce a taimaka masa don Allah ba, bai ba da labarin maraicinsa ba, bai kuma aika gaisuwa tsirara ya zauna jiran a ce masa lafiya lau ba. Mutum mai aiki yana iya amsa wannan tambayar yana tsaye a layin mai. Wanda aka ce wa ya samo gurbi kuwa an ɗora masa nauyi, shiru zai yi.

Idan amsa ta zo, ya gode, ya rubuta sunan jami'in a takardarsa, ya kai da kansa, sannan ya koma ya shaida wa wanda ya taimake shi ranar da ya kai. Bayan mako guda ko kwana goma ya tuntuɓa sau ɗaya. Kullum-kullum kuwa ya zama naci, kuma maɓallin toshewa yana kusa.

Ta yaya zai gane abin ba ya tafiya? Shafin yana nuna masa adadin waɗanda suka leƙa shi da kuma sau nawa ya fito a bincike cikin mako. In ya aika gayyata ashirin babu wanda ya leƙo, to wa mutanen da suka daina buɗe manhajar yake aikawa, ya riƙa duba ko mutum ya yi wani motsi kwanan nan kafin ya tura. In ana leƙowa ba a karɓa, matsalar tana hoto ko layin ƙarƙashin suna. In ana karɓa ba a amsawa, saƙon ne ya yi nauyi. Kada haushi ya sa ya tura wa ɗaruruwan mutane a dare ɗaya. Akwai iyaka ta mako, wajen ɗari, kuma idan mutane da yawa suka nuna ba su san shi ba, ana iya taƙaita masa asusun. Gayyatar da ya janye ma sai bayan mako uku zai iya sake tura ta.

Da zarar koren zoben Open to work ya bayyana a hotonsa, wasu baƙi za su fara sallama. Wani zai ce shi jami'in babban kamfani ne, akwai gurbi, a turo kuɗin fom ko na katin shaida. Wani zai ce a koma WhatsApp, a turo NIN da BVN don a buɗe asusun alawus. Duba shafin mai maganar: sabo ne, mutanensa ba su kai hamsin ba, imel ɗinsa ba na kamfani ba ne. Iyaye, wannan naku ne, domin ku ake kira a ce a sayar da buhu biyu a turo. Gurbin koyon aiki na gaskiya yana zuwa da takardar amincewa mai kan kamfani da sa hannu da hatimi, kuma akwai ginin da za a iya zuwa a gani. Shi ma ɗalibin kada ya liƙa hoton katin ɗan ƙasa ko takardar makaranta mai lambar rajista a shafinsa.

Ran da takardar amincewa ta fito, kafin ya ɗaure kaya ya kai ta ofishin SIWES na makarantarsu, domin su ne za su ce wurin ya dace da kwas ɗinsa ko bai dace ba, kuma wata shida a wurin da ba a amince da shi ba sai an maimaita. Idan ya fara aiki ya cike fom ɗin fara aiki ya kai ofishin ITF da ke kula da yankin. A shafin kuma ya kashe Open to work, ya ƙara sabon gurbin da sunan wurin da watan da ya fara. Abin da yake rubutawa a littafin aikinsa kowane mako, daga ciki zai tsamo jimla biyu ko uku ya ƙara a shafin, ban da farashin saye da sunayen manoma da duk abin da yake sirrin kamfani ne. Kafin ya bar wurin ya roƙi wanda ya kula da shi ya rubuta masa 'yan layuka a gurbin Recommendations tun yana ganinsa kullum, domin bayan wata uku wasu ɗaliban sun zo, sai an yi ta tuna masa waye ɗan Lolo.